Shakkar mai saye: a faɗa a cikin imel ko a bari sai ya tayar?

"Salamu alaikum ƴan uwa. Ina tura wa manyan ƴan kasuwar Yamai imel a kan ayar da nake sarowa a nan Maraɗi, amma shiru kake ji. Na san tsoro suke ji, tunda ba su san ni ba. In taɓo maganar da kaina, ko kuwa zan tada zaune tsaye?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Taɓo ta, amma guda ɗaya tak. Wanda bai san ka ba ba zai zauna ya rubuto maka abin da ke ransa ba, rufe saƙon zai yi ya wuce.

Na jima ina wannan harka, kuma abin da ke hana mai sayen aya daga nesa barci ba farashi ba ne. Tsoronsa shi ne saman buhu aya tas, ƙasa kuwa tsakuwa da rairayi, ko a ɗura ta ba ta gama bushewa ba, ta isa tana warin fumfuna. Ba ƙirƙira na yi ba, tsofaffin saƙonnin waɗanda muka yi ciniki da su na bi, na ga tambayar da ta fi maimaituwa. Kai ma duba naka.

Bayan na faɗi kaya da farashi, kafin in nemi amsa, ga abin da nake sawa: "Alhaji, na san ba ka taɓa sayen kaya a hannuna ba, kuma samfur daban, buhu daban. Zan aiko tiya biyu a motar fasinja, kuɗin mota a kaina. In ta yi maka, mu fara da buhu goma, ka ba da rabi. In sun iso ka zaɓi wanda ka ga dama a zazzage shi a kan tabarma. In bai zo daidai da samfur ba, riƙe cikon." Ka lura babu rantsuwa a ciki. Macuci ma ya iya wallahi tallahi. Asarar na ɗauke daga wuyansa na ɗora a nawa, shi ya sa na tsaya a goma, iyakar abin da zan iya jurewa ke nan in ciniki ya ɓaci.

Na taɓa yin zaƙewa. Na jera wa wani mai sito abubuwa huɗu, har da cewa kada ya damu da tsaikon hanya. Ashe shi bai ma kawo wannan a ransa ba. Ya amsa da layi ɗaya, wai bari hanya ta daidaita tukuna. Har yau.

In ka dace da shakkar, amsar za ta koma kan kilo nawa ne a buhu da ranar lodi. In ka tura wa mutum ashirin har yanzu shiru, canza shakkar, kada ka ƙara wata a kanta.