Na tura wa masu shago saƙo 25, babu wanda ya ba ni aiki

"Malam, barka da aiki. Na karanci aikin akanta, ina so in riƙa yi wa masu ƙananan sana'o'i lissafi ina cin gashin kaina. Na tura wa mutum 25 saƙo ta waya, biyu ne kawai suka amsa, su ma cewa suka yi za su neme ni. Ga abin da na rubuta: 'Ni ƙwararren akanta ne. Ina yin lissafin kuɗi, haraji, albashin ma'aikata, tsarin kasuwanci da sauransu, cikin rahusa. A tuntuɓe ni.' Ina kuskuren yake?"

Ƙanena, saƙon nan naka duk labarinka ne, babu labarin mai shagon a ciki ko kaɗan. Ka jera masa sana'o'i huɗu har da "da sauransu", ka bar masa aikin gano wanne yake bukata. Mutumin da ke tsaye yana sallamar masu saye ba zai yi maka wannan tunanin ba. Kuma yana gani ya san ba shi kaɗai ka tura wa ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan nauyi. Littafin ɗan kasuwa sirrinsa ne. Wani ko ɗan'uwansa bai san nawa yake samu ba, sai ga baƙo daga waya yana cewa a buɗe masa komai. Saboda haka saƙon farko ba aikinsa ba ne ya samo maka kwangilar shekara. Aikinsa ya sa mutumin ya yarda ya nuna maka littafi ɗaya, na ɗan lokaci kaɗan.

Idan ni ne, da littafin bashi zan fara. Kusan duk mai ba da kaya bashi yana jin zafin wurin nan: ya san ana riƙe masa kuɗi, amma in ka tambaye shi jimla, ko wane ne ya fi daɗewa bai biya ba, sai ya hau buɗe shafuka. Sannan littafin bashi ba ya tona ribarsa ko jarinsa, don haka ya fi sauƙin saki. Abin da za ka mayar masa kuma abu ne da ido ke gani: takarda ɗaya mai sunan kowane mutum, abin da ake bin sa, da ranar da ya karɓi kayan, an raba su gida huɗu. Waɗanda ba su wuce kwana 30 ba, na kwana 31 zuwa 60, na 61 zuwa 90, sai waɗanda suka haura 90. Gidan ƙarshen nan shi ke tayar masa da hankali, domin bashi yana tsufa karɓarsa tana ƙara wuya, kuma ya san haka tun kafin a haife ka.

Mu ɗauka mai sayar da kayan gini ne, ka taɓa shiga shagonsa ka ga ana rubuta bashin 'yan kwangila da hannu. Ga yadda zan rubuta:

"Barka da kasuwa, ranka ya daɗe. Ni ne wanda ya zo sayen fenti ranar Talata, muka yi magana a kan littafin da kuke rubuta masu karɓar kaya bashi. Aikina lissafi ne. Idan ka ba ni hoton shafukan bashin da ba a gama biya ba, cikin kwana biyu zan kawo maka takarda ɗaya da za ta nuna wa da wa kake bi, nawa ne, kuma tun yaushe. Ba na bukatar ganin ribarka ko asusunka na banki, kuma abin da na gani ba zai wuce tsakaninmu ba. In zo gobe da safe na minti goma in nuna maka samfuri?"

Dubi layin farko. A waya, shi kaɗai mutum yake gani kafin ya yanke shawarar buɗewa, shi ya sa na sa abin da zai tuna ka da shi. Idan wani ne ya haɗa ku, sunansa ya zo a nan, amma sai ka nemi izininsa tukuna. In kuwa ba ka taɓa taka shagon ba, kada ka ƙirƙiri ziyara; je ka gani da idonka. Saƙo biyar bayan ka leƙa shago biyar sun fi waɗancan 25 ɗin.

Ka lura kuma ban ce masa lissafinsa a hargitse yake ba. Matasa da yawa a nan suke faɗuwa: suna so su nuna ilimi, sai su ƙare da gaya wa wanda ya shekara 20 yana kasuwa cewa bai iya ba. Ban kuma ce "ƙwararre" ba, samfurin ne zai faɗi wannan. Ka haɗa shi a Excel da sunayen bogi, shafi ɗaya, ka buga a takarda. Kada ka kuskura ka nuna masa lissafin wani ɗan kasuwa na gaske don ka burge shi. Abin da zai gani shi ne gobe nasa za ka nuna wa wani.

Kalmar "rahusa" ma cire ta. Kuɗin aiki ba a faɗarsa kafin a ga girman littafi, don littafin wani shafi 10 ne, na wani 80. Idan ya tambaya, ka ce masa kuɗin wannan aikin ƙayyadadde ne, za ka faɗa da zarar ka ga shafukan, kafin ka fara. Ba na son aikin kyauta gaba ɗaya, domin wanda ya saba samu a banza yana wuyar fara biya. Idan dole sai ka ɗanɗana masa, yi wata ɗaya kyauta, ka faɗi iyakar a fili. Kada ka yi alkawarin cewa za ka karɓo masa bashin ko ribarsa za ta ƙaru. Lissafi ka sayar, ba karɓar bashi ba. Batun haraji da binciken asusu kuwa kowace ƙasa da dokarta a kan wanda aka yarda ya sa hannu, to ka bar su sai ka tabbatar kana da izinin yi.

Shirun da za ka samu ma iri-iri ne. Idan ba a buɗe saƙon ba, matsalar layin farko ce ko lokacin da ka tura. Guji sa'ar da ciniki ya yi zafi. Idan an karanta an yi shiru, yawanci rashin yarda ne, sai ka je da ƙafarka da samfurin a hannu. Wanda ya tambayi kuɗi sannan ya ɓace, bai gane abin da zai samu ba. Shi kuma mai cewa "zan neme ka", sau da yawa a'a ce cikin ladabi, amma naka saƙon ma bai ba shi wata amsar da zai bayar ba, tunda ba ka tambaye shi komai ba. Shi ya sa nawa ya ƙare da rana da minti goma.

Tunatarwa sau ɗaya ta isa, bayan kwana huɗu ko biyar, layi biyu tare da hoton samfurin. In aka sake yin shiru, bar shi ka wuce shago na gaba. Wanda ya amsa kuma, ranar da ka kai masa takardar ka zauna ku duba gidan waɗanda suka haura kwana 90 tare. Can za ka tarar wasu sun biya ba a goge sunansu ba, wasu an rubuta su sau biyu. Nan ne za ka tambaye shi ko yana so ka riƙa sabunta masa takardar duk ƙarshen wata.