Kalmar godiya a biki, kati da imel

"Don Allah banda na gode me zan ce, ina da jawabi a bikin ƙanina, ga kuma katin godiya da imel ɗin ofis?"

Ɗan uwa a biki addu'a ce godiyarmu, kace Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci, waɗanda suka zo daga nesa kuma Allah ya maida kowa gida lafiya, zaka ji amin ta cika wajen. Kati kuwa rubuta iyalan wane suna miƙa godiya ta musamman. A imel ka rage addu'ar, ina godiya da saurin amsawarku ya wadatar. Kar dai ka rubuta godiya nake, wannan ta abokai ce, ni na taɓa turawa oga haka, washegari ya tambayeni ko a majalisa muke.