Yadda babi na huɗu zai koma fosta ba tare da cunkoso ba

Tambaya: Salam Malam. An karɓi aikina a wani taron ilimi amma fosta suka ce in kawo, girman A0 a tsaye. Babi na huɗu ne na digirina na biyu, kan tasirin taki iri uku ga masara, shafi 26 da tebur takwas. Na kwafa cikin PowerPoint komai ya cakuɗe, hotunan ma dishi-dishi. Ya zan yi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ki goge abin da kika kwafa ɗin nan duka, babin ba zai shiga ba ko me kika yi masa. Mai kallon fosta a tsaye yake, da tazarar kamar mita ɗaya zuwa biyu, ga hayaniya ga wasu fostocin suna jiransa, to ba karatu ya zo yi ba. Cikin tebur takwas ɗin akwai wanda ya amsa ainihin tambayar bincikenki, wato wane taki ne ya fi ba da amfani a kowace hekta, shi kaɗai za ki ɗauka ki mayar da shi giraf mai sanduna uku a Excel, ki ba shi tsakiyar fostar da faɗin akalla santimita 40. Sai ƙananan giraf ɗaya ko biyu da ke mara masa baya, misali tsawon shuka mako-mako. Sauran teburan ki buga su a takarda ki riƙe a hannu saboda masu son tono.

Kan giraf ɗin kar ki rubuta "Hoto na 4.3" yadda yake a babin. Rubuta sakamakon kansa a jimla ɗaya, taki kaza ya fi sauran biyun amfani, ki sa sunan kowane taki a ƙarƙashin sandarsa da ma'aunin da kika yi amfani da shi a gefe, don kar mutum ya riƙa kai ido yana dawowa neman wane launi ne wane. Rubutun fostar gaba ɗaya ya tsaya wajen kalma 300 zuwa 500. Gabatarwa layi uku ta isa, bitar ayyukan magabata kuwa a bar ta a gida, na san sufabaiza zai ɗan ɓata rai amma haka abin yake.

Yanzu saiti. Kafin ki saka komai ki shiga Design > Slide Size > Custom Slide Size, faɗi 84.1 cm, tsawo 118.9 cm, shi ne A0. In kika yi aikin a ƙaramin shafi mai bugawa ya ja shi ya buɗe, nan ne komai ke lalacewa. Girman harafin take ya kai 85 zuwa 100, kanun sashe wajen 48, jikin rubutu 28 zuwa 32, kuma lambobin jikin giraf kar su gaza 24, su ne mutane suka fi mantawa da su a ƙanana.

Batun dishi-dishi kuma lissafi ne. Hoto yana bukatar akalla fiksel 150 a kowane inci a girman da za a buga shi. Santimita 40 kusan inci 16 ne, kenan fiksel 2,400 a faɗi, hoton allo da kika ɗauka daga Word kuwa da wuya ya kai rabin haka. Don haka giraf ki kwafo shi kai tsaye daga Excel, in ya so ki zaɓi Paste Special > Picture (Enhanced Metafile), irin wannan ba ya fashewa komai girmansa. Hotunan gona kuma ki nemo na asali daga wayar da ta ɗauka, ba wanda ya biyo ta WhatsApp ba domin matse shi ake yi, sai dai in an turo a matsayin Document. PowerPoint ma yana matsewa, ki je File > Options > Advanced ki sa alama a Do not compress images in file tun kafin ki saka su.

Gwaji biyu kafin ki kashe kuɗi. Ki kai Zoom 100% ki bi kowane hoto, abin da kika gani kusan shi zai fito. Sannan ki buga fostar a A4, wadda ke rage tsawo da faɗi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, rubutu mai 28 zai koma 7, in kin karanta shi da hannu a miƙe ba ƙyafta ido to ya yi. PDF za ki kai shagon bugawa ba fayil ɗin PowerPoint ba, kar kwamfutarsu ta canza miki rubutu layuka su zame, kuma ki ce a takarda kike so, domin ledar da ake buga tallan kamfe a kanta an yi ta ne don kallon nesa, ƙananan lambobi ba sa fita tas a kanta.