Tambayoyi huɗu da ke ɓoye cikin kalmar "jinsi"

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina yawan ganin ana bambanta jinsin halitta, jinsin da mutum ke ji a ransa, yadda yake nuna jinsinsa, da kuma wanda yake sha'awa. Ni kuwa duk abu ɗaya nake ganinsu. Don Allah a warware mini daga tushe.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba laifinki ba ne. Kalma ɗaya muka ɗora wa kaya huɗu, kuma a wajen mafi yawan mutane duk huɗun tare suke tafiya, shi ya sa ba a ganin ɗinkin da ya haɗa su sai inda suka rabu.

Jinsin halitta maganar jiki ce. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado 46 da ake kira kuromosom, biyu daga cikinsu su ne na jinsi: yawanci XX ga mace, XY ga namiji. A kan Y akwai wani ɗan umarni mai suna SRY. Wajen mako na shida zuwa na bakwai na ciki, shi ke sa a fara gina 'ya'yan maraina, su kuma su fitar da sinadarin tastosteron wanda ke siffanta al'aurar namiji. Kin ga ke nan mataki-mataki abin yake, kuma kowane mataki na iya kaucewa.

A ce an kawo yarinya 'yar shekara 16 asibiti don ba ta taɓa ganin al'ada ba. Ƙirjinta ya fito, muryarta da surarta duk na mace ne, sai dai gashin gaba da na hammata kaɗan ne ƙwarai. Hoton ciki ya nuna babu mahaifa, akwai kuma 'ya'yan maraina a ɓoye. Gwajin jini ya ce XY. Abin da ya faru shi ne jikinta na samar da tastosteron amma ba ya jin saƙonsa ko kaɗan, sai ya ginu a siffar mace. Wannan ɗaya ne daga cikin yanayoyin da ake tarawa ƙarƙashin sunan mata-maza, ko da yake ita ba wanda zai kalle ta ya yi shakka.

To, tambaye ta ita wace ce. Kusan duk masu irin wannan yanayi za su ce miki su mata ne, ba tare da wani kokwanto ba. Wannan amsar ita ce abu na biyu, wato sanin da mutum yake da shi a ransa cewa shi namiji ne ko mace. Yara kan fara furta shi tun suna shekara biyu zuwa uku. Babu gwajin jini ko hoto da ke nuna shi. Daga bakin mai shi ake ji. Akwai 'yan kaɗan da jikinsu bai da wata kaucewa, amma abin da suke ji a rai ya saɓa da jinsin da aka haife su da shi, abin ya daɗe kuma yana damunsu. A kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga babin taɓin hankali.

Na uku shi ne abin da ido ke gani: sutura, tafiya, salon magana, gyaran gashi. Shi ya fi sauran sauyawa daga zamani zuwa zamani, kuma a kansa ake yawan zaluntar mutane. Namiji mai laushin murya ko mace mai son aikin ƙarfi ba su gaya miki komai ba game da abin da ke ransu, balle wanda suke so.

Na huɗu kuwa ba kan mutum yake kallo ba, waje yake kallo: wa zuciya da sha'awa ke karkata gare shi? Kishiyar jinsi, kamar yadda yake ga mafi yawa, ko jinsi ɗaya, ko duka biyun, ko babu kowa. Ki lura, luwaɗi da maɗigo sunayen aiki ne, nan kuwa karkatar ake nufi, ko an aikata ko ba a aikata ba. Hukuncin aikin maganar addini ce da doka, waɗanda suka bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Nawa bayanin ma'ana ne.

Komawa ga yarinyar nan, abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce mata "ashe ke namiji ce". Kuskure ne, kuma yana karya zuciya. XY ɗin ya amsa ɓangare ɗaya ne kawai na tambayar farko, bai taɓa sauran ukun ba. Abin da take bukata shi ne likitan mata da na sinadaran jiki su zauna da ita su bayyana mata cewa ba za ta yi al'ada ko ta ɗauki ciki ba, su tattauna batun 'ya'yan marainan da ke ciki da lafiyar ƙashinta, a kuma rufa mata asiri har ta zaɓi wanda za ta gaya wa.