Bashin Riyal 8,000 Babu Takarda

"Na ranta wa abokina Riyal 8,000 a Jidda, babu takarda, yanzu ya musanta. Kotu za ta saurare ni?"

Malam, za ta saurare ka, amma kawo hujja a kanka yake, tunda kai ne mai da'awa. Alƙali zai nemi shaidu biyu adalai, ko rasidin banki. Kada ka goge saƙonninku na WhatsApp, domin dokar shaida ta Saudiyya ta 2022 tana karɓar irinsu, musamman inda ya rubuta "zan biya bayan Hajji". In ka rasa komai, sai ka nemi a rantsar da shi. Ya rantse, ƙararka ta faɗi. In kuwa ya ce "na biya", nauyin ya koma kansa.

Shari'ar laifi daban ce: mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar, kuma shubuha tana kawar da haddi.