Ƙarfe ko alminiyom a firam ɗin keke?

Tambaya: "Ni ɗalibi ne a Ƙaura Namoda. Na lissafa E/ρ na ƙarfe da alminiyom, sai suka fito kusan ɗaya. To me ya sa firam ɗin alminiyom ya fi sauƙin nauyi?"

Ƙanena, lissafinka daidai ne: ka raba E, wato taurin abu, da ρ, wato nauyinsa gwargwadon girmansa. Ƙarfe 210/7.8 ya ba da 27, alminiyom 70/2.7 ya ba da 26. Amma wannan ma'aunin na sandar da ake ja ne, shi kuwa bututun keke lanƙwasa ce ke damunsa in ka taka feda. Idan kana da damar sauya faɗin bututun, ma'aunin ya koma √E/ρ: ƙarfe 1.9, alminiyom 3.1. A jadawalin Ashby, wanda ke jera kayan ƙira bisa E da ρ ɗinsu, ka ja layi mai gangara 2, ka yi ta ɗaga shi sama. Abin da ya rage a samansa shi ne zaɓinka.

Shi ya sa bututun alminiyom yake da ƙiba. Ka matse shi zuwa faɗin na ƙarfe, ribar ta tafi.

Abin da nake so ka kiyaye shi ne walda. Alminiyom samfurin 6061 yana yin laushi a gefen ɗinkin sai an sake gasa shi, kuma jijjigar hanyar ƙauye a nan take fara tsaga shi. Na ƙarfe kuwa, mai walda a bakin kasuwa zai gyara maka.