Tsagewar Bango Bayan Damina

"Ga hoton bangon ɗakina na bulo a ƙauyenmu wajen Gumel, ya tsage bayan damina. Zama ne kawai ko haɗari?"

Malam, hoton ya nuna tsagar ta bi layin bulo kamar matakala, daga kusurwar taga zuwa ƙasa, kuma sama ta fi faɗi. Wannan ba ta filasta ba ce, alama ce ƙasan harsashin ya sauka ta gefe guda, galibi inda indararo ke zuba. Amma hoto ba ya nuna ko tana ƙaruwa. Ka shafa siminti kaɗan a kanta, ka rubuta kwanan wata. In ya sake tsagewa cikin sati 4, ko ƙofa ta fara cijewa, kwashe iyali ka kira injiniya.